Ranar da Kuɗin Masarar Kawu Suka Tafi Gombe

Kawu ba ya yarda da kuɗin da ba zai lasa yatsa ya ƙirga ba. Shekara da shekaru yana sayen hatsi a kasuwar Dawanau da damin naira a aljihun 'yar ciki, sai da ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya matsa masa ya buɗe asusu a waya. Tun daga nan na zama ma'ajinsa, ba albashi.

Wata Laraba ya ce in tura wa dillalinsa naira 85,000, kuɗin masara. Yana karanto lambar daga bayan kwalin magani, ina latsawa. Ya ce shida, tara. Yatsana ya sa tara, shida. Manhajar ta yi nata aikin, ta nuna sunan mai asusun kafin a sa lambar sirri, kuma sunan bai yi kama da na dillali ba ko a mafarki.

"Kawu, wani suna ne daban ya fito."

"Kai dai tura! Dillalai ai da asusun 'yan'uwansu suke aiki."

Na tura. Bayan la'asar dillali ya bugo yana tambayar ina alat.

A nan akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Lambar asusun banki a Najeriya guda goma ce, ta ƙarshenta kuma ta tantancewa ce, shi ya sa idan ka kuskure ɗaya, galibi na'ura kan ƙi karɓa. Amma a wasu asusun waya, lambar wayarka ce lambar asusunka, sifilin farko kawai ake cirewa. Ba mai gadi a ƙofa. Ka sauya lamba ɗaya, kana iya faɗawa aljihun wani bawan Allah.

Amfanin abin shi ne, da ka mayar da sifilin ka samu lambar mutumin. Kawu ya ƙwace wayar ya kira. Ashe mai shayi ne a Gombe.

"Malam, don Allah kuɗina ne suka shigo maka bisa kuskure."

"Ɗan damfara! Ku ba kwa gajiya?" Ƙit, ya kashe.

Kawu, mutumin da ke sahun farko a masallaci, ya zauna riƙe da baki. Ni dai ban ga laifin mai shayin ba. 'Yan damfara kan tura saƙon alat na bogi, su kira suna kuka a mayar musu, wanda bai duba ainihin abin da ke asusunsa ba ya biya daga guminsa.

Daren nan na shiga manhajar na ciro rasit. Abin da ake nema a jikinsa shi ne Session ID, doguwar lamba mai guda talatin da ake bin sawun kuɗi da ita idan sun tsallaka daga wannan kamfani zuwa wancan. Na shigar da ƙorafi ta sashen taimako na cikin manhajar, na ajiye lambar ƙorafin. Washegari muka je ofishin kamfanin manhajar da katin shaidar Kawu.

Kawu ya zaci maɓalli ɗaya za a danna. Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, tunda da lambar sirrinku aka tura, kuɗin sun zauna a asusun wani. Za mu rubuta wa kamfaninsa su riƙe su idan suna nan, su nemi yardarsa. In ya ƙi, sai kun kawo umarnin kotu." Wato takardar rantsuwa, da kuɗin lauya, da zirga-zirga. Idan kuma ya riga ya cire, ba abin da za a riƙe. Ta ƙara da cewa idan kamfani ya yi biris da ƙorafi har mako biyu, ana iya kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya.

Kawu ya ji kalmar lauya, ya dube ni kamar ni na ƙirƙiro aikin.

Kwana huɗu bayan haka mai shayi ya kira da kansa, murya ta yi laushi. Kamfaninsa ne ya tuntuɓe shi, sai ya gane kuɗin na gaske ne. Sai dai ya ɗauka ƙaninsa na Legas ne ya tuna da shi, har ya sayi madara da sukari na dubu biyar. Ya mayar da 80,000 cikin asusun da suka fito, kamar yadda aka ce masa, ya roƙi a yafe sauran.

Kawu ya yafe masa duniya da lahira, har da yi wa teburin shayinsa addu'ar albarka. Sannan ya juyo ya miƙo mini hannu.

"Shida, tara na ce maka. Kawo dubu biyar ɗina, kuma a hannu."