Ƙwai Biyu a Kan Katanga

Shekaranjiya da daddare a teburin mai shayi wani yaro ya miƙo wa mai wannan shafi waya, ya ce a duba masa ƙwan wane tsuntsu ne ya ɗauka a hoto a kan katangar zaurensu. Gogan naku, wanda unguwa ta sani da son tsuntsaye, ya gyara zama ya ture kofi gefe.

Ƙwai biyu ne farare tas, babu ɗigo ko ɗaya, kwance cikin 'yan tsinkaye. Ya fara da launi, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne. Tsuntsun da ke zuba ƙwai a fili a ƙasa, irin su zakaran ƙeƙuwa a bakin fadama, ƙwansa ruwan ƙasa ne mai baƙaƙen dabbare-dabbare don ya saje da tsakuwa, kuma ƙarshensa ɗaya a tsuke yake. Na zabuwa ya kai santimita 5, ɓawonsa da kauri, kuma tara shi take da yawa a ƙarƙashin ciyawa. Na belbela shuɗi-shuɗi ne, can kan bishiya cikin taron 'yan uwanta. Na hankaka kore-kore ne da ɗige-ɗige. Duk ya sallame su ɗaya bayan ɗaya, jama'a na gyaɗa kai.

Farin ƙwai, in ji shi, yawanci na masu shiga rami ne ko kogon itace, kamar mujiya da cilakowa, tunda a duhu ba a bukatar ɓad da kama. Amma a sarari, kan gini, guda biyu cif, a bisa tsinkayen da ba su isa a kira su sheƙa ba? Kurciya ce. Biyu take yi, ta kwanta kamar mako biyu, kuma sheƙarta ta ragwanci har ana hango ƙwan ta ƙasa. Ya miƙa wayar da hannu ɗaya, ya ɗauki kofinsa da ɗayan.

Abin da bai tambaya ba shi ne girma, kuma hoto ba ya faɗar girma. In an matso da waya kusa, komai sai ya cika allo. Shi ya sa masu wannan harka ke ajiye wani abu da aka san tsawonsa a gefe kafin su ɗauka, ba tare da sun taɓa ƙwan ba. Yaron, Allah ya yi masa albarka, ya yi hakan. Ya ja allon da yatsa, ga hoto na biyu: tsinken ashana a kwance, tsawonsa santimita 4 da 'yan kai, ƙwan kuwa da kyar ya kai rubu'insa. Ƙwan kurciya ya haura santimita biyu da rabi, wato ya fi rabin ashanar. Tsinkayen sheƙar ma ashe guntayen tsintsiya ne a cikin tsagar bango.

Teburin ya yi tsit, har ana jin butar shayi na tafasa. Kofin ya tsaya a hanya, bai kai baki ba, bai koma tebur ba. Gogan ya dubi ashana, ya dubi ƙwai, ya sake duban ashana ko za ta yi masa alfarma ta gajarta.

Mai shayi ne ya fara kawo ɗauki. "Malam, hoto ba ya gaskiya. A kawo su in fasa a kasko, da na ɗanɗana zan gaya maka uwarsu." Wani dattijo ya ce sam, a kara su a kunne a girgiza, na kurciya yana da irin kukansa. Da aka tuna masa cewa hoto ne, sai ya ce to a kara wayar. Kuma aka miƙa masa, ya kara, ya lumshe ido yana saurare.

Cikin wannan ɗan sarari gogan ya samo mafaka. Ba'u! Ɗan jan tsuntsun nan da ke shiga jinka, ƙwansa fari ne ƙanƙane. Sai dai ba'u kan yi uku zuwa sama, cikin dunƙulalliyar sheƙar ciyawa mai ƙofa a gefe, shimfiɗe da gashin tsuntsu, kuma ƙwansa yana da ɗan tsawo. Waɗannan kusan a mulmule suke, biyu rak, a tsagar bango tsirara. Ya san haka sarai yayin da bakinsa ke cewa ba'u, amma ya faɗa da ƙarfi, har da buga tebur.

Yaron ya sunkuyar da kai cikin ladabi.

"Malam, ai ɗaya ya fashe yau da safe. Abin da ya fito da gudu ya hau bango."

Tsaka ma biyu take yi, farare, masu ɓawo mai tauri. Dattijon ya cire wayar daga kunne ya ce shi dama bai ji kuka ba.