Masu Sitatus Ranar da Kasuwa Ta Kwanta

Duk mai saye da sayarwa ya san lokutan da ciniki ke kwanciya. Akwai makonnin bayan Babbar Sallah, bayan rago da ɗinki sun yashe aljihun maigida. Akwai watan Satumba, da kuɗin makaranta ke cinye komai, ga kuma tsakiyar kowane wata kafin albashi ya faɗo. A da, idan hakan ta faru, ɗan Kantin Kwari sai ya kishingiɗa kan dilar atamfa ya kunna rediyo, ba mai jin kansa sai maƙwabcin rumfa. Yanzu kowa da shagonsa a waya, kuma sitatus ɗin WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, don haka dole a rubuta wani abu ko an sayar ko ba a sayar ba. A wannan rubutu na ranar rashin ciniki ake gane halin mutum.

Farkon wadda za ka ci karo da ita ita ce Malama. Humra da turaren wuta take sayarwa, amma da zarar azahar ta yi ba ta ji ƙarar alat ba, sai ta buɗe makaranta. "Arziki na Allah ne." Bayan minti goma: "Rabon kwaɗo ba ya hawa sama." Kafin la'asar ta jera nasiha goma sha wani abu, ɗigon sitatus ɗinta ya yi ƙanana har ba ya ƙirguwa. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, ba mai musu. Sai dai ka leƙa daga farko har ƙarshe ba ka ga kwalba ko ɗaya ba, balle farashi. Masu kallo su ce amin, su wuce.

Ƙanwarta a sana'a ita ce mai habaici, kuma ita ce ta fi ban tsoro. WhatsApp yana nuna wa mai sitatus sunayen waɗanda suka kalla, to wannan jeri shi ne littafin bashinta. Ta fara da sanyin murya: "Alhamdu lillahi, ko an saya ko ba a saya ba muna cin abinci." Jim kaɗan murya ta tashi: "Masu kallo ba saye, sannunku da gadi." Daga nan sai a gangaro kan dangi, wai ɗan uwa ya fi son ya kai kuɗinsa wurin bare. Ita a ganinta ƙarfafa wa kanta gwiwa take yi. Abin da ba ta lura ba shi ne, ƙawar da ke tara kuɗi don ta sayi abaya a ƙarshen wata ta karanta, ta ɗauka da ita ake, ta danna wurin da ke ɓoye sitatus ɗin. Ba a yi faɗa ba, ba a yi sallama ba, ciniki ya tafi.

Shi kuwa Alhaji Kaya-Sun-Ƙare, a wurinsa kasuwa ba ta taɓa kwanciya. Ranar da ko ƙuda bai shiga shagonsa na takalma ba, ranar ce zai rubuta: "Mun gode da ruwan oda, saura ƙafa biyu kacal!" Ya haɗa da hoton ƙunshin kaya a bayan Adaidaita, hoton da muka gani tun kafin azumi. Wani lokaci har da hoton alat na Opay ko Moniepoint, ya goge sunan wanda ya turo, ya manta da kwanan wata. Ga yadda ake kama shi ba wahala: tambaye shi lamba 43 kala baƙi, akwai. Ruwan ƙasa fa? Akwai. Lamba 41? Ai har guda shida.

Akwai mai kwaso maganganun Turawa masu kuɗi ya liƙa kan hoton zaki, alhali awara yake sayarwa. Wannan mu bar shi da zakinsa.

Mai kuka kuma tausayi take nema. "Don Allah ku saya, kada 'yar uwarku ta koma ƙauye." Karon farko abin dariya ne, har wata yaya za ta ce a kawo mata samosa ta dubu biyu don zumunci. Karo na huɗu ya zama bara. Kuma ga mai sayar da abinci akwai haɗari na musamman: duk wanda ya karanta "tun jiya ba wanda ya taya" zai tambayi kansa, to samosar da za a kawo min ta yaushe ce?

Wanda na fi jin tausayi shi ne mai karya farashi a firgice, don shi da kuɗinsa yake biyan kuɗin rubutunsa. A ce ya saro kwalbar turare kan 3,000 yana sayarwa 4,000. Kwana biyu shiru, sai zuciya ta ɗebe shi: "Garaɓasa! Yau kaɗai 3,300, kai wa gida kyauta!" Mutum uku suka taya, ya yi murna. Ribar kwalba uku 900 ke nan. Ɗaya tana Hotoro, ɗaya Rijiyar Zaki, ɗaya Kurna, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba ɗan sahun da zai zaga waɗannan unguwanni a kan 900. Bai saka kuɗin data da leda ba tukuna. Babbar asarar ma tana gaba: masu saye sun gane cewa duk ranar da hankalinsa ya tashi farashi na sauka, sai su zauna su jira hankalin ya tashi.

Can a gefe akwai wata mai dambun nama, wadda ba ta cika surutu ba. Ita ma kasuwarta na kwanciya kamar ta kowa. Ranar sai ta ɗauki hoton turmi da tukunya a kan wuta, ta rubuta: "Yau kasuwa ta yi sanyi, sai muka samu sararin daka sabo a tsanake. Na kaza ne, ƙaramar roba 2,500. Muna Gyaɗi-Gyaɗi, mai zuwa ɗauka ya zo kafin magariba. Allah Ya ba kowa nasa." Dubi abin da ke ciki. Ta faɗi gaskiyar ranar a taƙaice ba tare da ta ɗora wa kowa laifi ba, ta mayar da ita dalilin saye, tun da sabo ne. Ta faɗi kaya, farashi, wuri da lokaci, ba ta ce sai an biyo ta inbos kafin a ji kuɗi ba, abin da ke korar mai kunyar tambaya. Addu'ar ta zo a ƙarshe, guda ɗaya, kuma ta haɗa da mai karatu. Idan ba ta dafa komai ba, sai ta saka saƙon da wata ta aiko tana yabon na makon jiya, bayan ta nemi izininta, ko ta tambayi jama'a: mai yaji ko marar yaji za a yi ran Juma'a? Wanda ya amsa, ran Juma'a shi za ta fara tuntuɓa. Sau biyu ko uku take hawa sitatus a wuni, ta ajiye waya.

Ba kullum wannan ke kawo ciniki ba. Ranar 18 ga wata ranar 18 ga wata ce, ba rubutun da zai sa a biya albashi da wuri. Amma idan albashin ya faɗo, ita ba wanda ya ɓoye sitatus ɗinta, kuma kowa ya san kuɗin robarta.

Hajiya mai habaici, mu masu kallon nan ba maƙiya ba ne. Wata ne ya yi nisa. Ki saka farashin abayar, ki yi mana haƙuri zuwa 28.