Yadda Uwar Amarya Za Ta Kuɓuta Daga Hoda

'Yan'uwana da muka haura arba'in, ba zan ce ku wanke fuska ba, kun daɗe da sanin wannan.

Na ɗaya, ki shafa mai marar nauyi, ki bar shi ya shige kamar minti 10 kafin fandeshin ya taɓa ki. Man kaɗanya ki ajiye shi sai dare, don kwalliya zamewa take yi a kansa.

Na biyu, kwansila. Ƙwayar shinkafa ɗaya ta ishi ido biyu. Ki ɗiga a lungun ido ta wajen hanci inda duhun yake, da kuma gefen waje, ki ja shi sama wajen kunne. Tsakiya, inda tamojin yake, ki bar shi kusan fayau. Ki jira minti guda, ki kalli sama, ki daddanna da yatsan zobe har abin da ya taru a layi ya baje, sannan ki taɓa hoda kaɗan da ƙaramin buroshi. In kika sa hoda kafin ki baje shi, kin daskarar da layin ke nan har a tashi biki.

To, hodar nan ce ta kawo ni. Wa ya ce wa 'yammatan nan masu kwalliya kowace fuska ta amarya ce? A bikin 'yata wata ta zaunar da ni, ta jibga min hoda a ƙarƙashin ido, ta ce, "Mama, a bar ta ta zauna." Ta zauna kuwa! Kafin a gama kamu ta dare kamar ƙasan tafki da rani. Fatar wurin nan tana cikin mafi siranta a jiki, shekaru sun rage mata maiƙo, ga hunturu yana zuƙe sauran, sannan a zo a ɗora mata abin da aikinsa shan maiƙo ne? 'Yar shekara ashirin za ta ɗauka. Mu kuwa kowane murmushi sai ya tara hodar a layi, kuma uwar amarya ba ta da hutun murmushi. Na ce ta rage, ta ce haka ake yayi. Da kuɗina fa!

Ina muka tsaya? Jan kumatu. Ki nemi mai laushi irin na shafawa, kada ki sa shi kina murmushi, don da kin saki fuska zai sauko. Ki ɗora a kan ƙashin kunci, ki ja sama. Kwalli kuma a fatar ido ta sama, siriri. Mai kauri a ƙasa janyo ido yake ƙasa.

In gumi ya karyo, ki danna tishu a hankali, kada ki ƙara hoda. Ku kuma masu kwalliya, don Allah in uwa ta zauna gabanku, ku ce ta yi murmushi tukuna, ku ga inda fatar ke naɗewa kafin ku buɗe gwangwanin hoda.