Ku Bar Na Duƙe Ya Huta

Na san abin da za ku ce, mutanen Funtuwa. Za ku ce wannan malami da bai taɓa sayar da ko mudu ɗaya na taki ba, shi zai koya mana talla? To ku bi hanyar Bakori zuwa Malumfashi a watan Mayu ku ƙirga allunan shagunan taki. Wannan ya rubuta damina uwar albarka, na gaba na duƙe tsohon ciniki, na gabansa ya haɗa duka biyun don kada a fi shi. Manomi ya wuce a kan babur, idonsa bai ko tsaya ba. Me zai karanta? Tun yana goye yake jin su.

Laifin ba na karin magana ba ne, ku ne kuke ɗauko ta ɗungurungum kamar buhun da ba a kwance ba. Ku riƙe kiɗanta, ku sauya kayan cikinta da abin da ke gona a wannan makon.

Ga mai yuriya. Kowa ya san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi kuma manomin masara ya san kamfa ake fara sawa, yuriya sai wajen mako biyar zuwa shida da shuka, lokacin da masara ta kai gwiwa. Sai allo ya ce: “Masara tun tana gwiwa ake ba ta yuriya.” Kunne ya gane tsohuwar magana, ido kuma ya koma gona yana auna tsayin kara. Wanda ya yi shuka farkon Yuni, allon nan na Yuli ne. Ka bar shi har Oktoba ana sussuka, ka zama mai tallan laima da hunturu. A lokacin sai a goge a sa: “Ranar awo ba a ɓoyon buhu.” Wanda ya yi wa gonarsa rowar taki ya san da shi ake, kuma zai tuna baɗi.

Na ji wani Bamalumfashe yana cewa ai wannan ɓata maganar magabata ne. Haba Alhaji! Kai da kake sauya wa abokin wasanka kirari kullum a majalisa? Abin da ba a taɓawa shi ne aya da hadisi. Waɗannan ko kusa kada a kai su allon talla. A kuma duba kada juyin ya koma zagi, don kowa ya ci zomo ya ci gudu ba maganar da za ka gaya wa wanda kake bi bashin taki ba ce.

Kafin ka biya mai fenti, je teburin mai shayi ka faɗi rabin maganar ka yi shiru. In suka ƙarasa maka ita baki ɗaya ba tare da sun ɗago daga kofi ba, ta kwana. In wani ya ajiye burodi ya ce “sake faɗa mu ji”, kira mai fenti yau ɗin nan.