Gwiwa kafin hannu

A Kekun Waje, kamar sauran garuruwan ƙasar Bunguɗu, gwiwa ce ke riga hannu gaisuwa. In ka hango dattijo a kan buzu a ƙofar gida, tun daga nesa za ka tuɓe takalmi, ka tsuguna, ka ce, "Baba, ina wuni?" Miƙa hannu kuwa nasa ne. In ya miƙo, ka tara biyu ka karɓa, sannan ka kai na dama ƙirji. In bai miƙo ba, sai ka ci gaba da ƙirga tururuwa.

'Yan ci-rani ne ke rikita lissafi. Yaro ya ɗan leƙa Abuja, ya dawo ya ware hannuwa zai rungumi surukinsa. Tsoho ya ja da baya, ya gyara hula: "Lafiya, yaro? Kokawa za mu yi?" Runguma ai sai tsara, ko alhajin da ya sauko daga Makka.

A fadar Sarkin Katsinan Gusau ma abin ya fi sauƙi. Ka zube, ka dunƙule hannu ka yi jinjina, dogari ya amsa maka, "Sarki ya gaishe ka!" Ko bakin Sarki bai motsa ba, ka tashi, an gaisa.