Kuɗin Mota da Babu Mai Iya Biya

Na san ku, 'yan gardama. Da an ce a rubuta harafin M a teburin jigila sai ku taɓe baki: hanyar da aka hana, me ya hana a share gidanta kawai? To ku share mana. Ku bar gidan fayau a kwamfuta, ta ɗauke shi sifili, ta ga banza ta faɗi, ta kwashe kayanku kaf ta aika ta hanyar da gadarta ta karye.

Ga misali, farashin ma na misali ne, kada wani direba ya tare ni a tasha. Akwai tan 50 na takin zamani a Kano, tan 50 a Funtuwa. Katsina na son 30, Gusau 40, Zariya 30. Kuɗin dakon tan ɗaya, a lissafin dubban naira, daga Kano 4 ne zuwa Katsina, 3 zuwa Zariya. Daga Funtuwa kuwa 5 zuwa Katsina, 6 zuwa Gusau, 2 zuwa Zariya. A ce Kano zuwa Gusau ba ta biyuwa. Nan za a sa M, wato kuɗin da ya fi ƙarfin kowa, kamar 1000. Kada mai rowa ya sa 6, don lissafi zai iya ganin araha ya bi. Da 1000 kuwa, tun da neman rangwame ake yi, da kansa zai guje wa hanyar: Funtuwa ta kai 40 Gusau da 10 Zariya, Kano ta kai 30 Katsina da 20 Zariya. Jimla 440.

Sai maigida ya ce ya yi alkawari, dole aƙalla tan 5 ya tashi daga Funtuwa zuwa Katsina. Kun ce lissafi bai san alkawari ba, ko? A loda tan 5 ɗin tun farko, a cire shi daga ɓangarorin biyu: Funtuwa ta koma 45, Katsina 25. A warware sabon teburin, ya ba da 425, a ƙara 25 na kayan alkawari, 450 ke nan. Alkawarin maigida ya ci naira dubu goma. Amma fa kada a toshe gidan Funtuwa zuwa Katsina bayan an cire, "aƙalla" aka ce, ba "iyaka" ba. A bar shi da farashinsa na 5.

Yanzu ku zuga maigida ya ce tan 15. Saura 35 a Funtuwa, Gusau kuma 40 take jira. Ragowar 5 ba su da mafita sai gidan M, jimla ta haura dubu biyar. Kada ku ce kwamfuta ta haukace. Duk sa'ad da amsar ƙarshe ta bar kaya a gidan M, cewa take sharuɗɗan ba za su haɗu ba. Ku koma wurin maigida ku gaya masa tan 10 ne iyakar abin da zai iya alkawartawa.