Wayarmu Ta Cika, Amma Me Ya Cika Ta?

Mu dai a unguwar nan, da waya ta ce ba wuri, abin da hannunmu ke fara kaiwa shi ne hotunanmu. Mu goge na suna, mu goge na Sallah, mu bi saƙonni ɗaya bayan ɗaya har babban yatsa ya gaji, gobe kuma wayar ta sake kuka. Jiya ma a majalisa bayan Isha'i haka Malam tela ke ta fama, sai wani yaron shagonsa ya ce, "Baba, ba su ne suka cika ta ba, kawo in nuna maka."

Ya buɗe WhatsApp, ya shiga Settings, ya taɓa Storage and data, sannan Manage storage. Nan fa muka miƙo wuya. Akwai wurin da aka rubuta Larger than 5 MB, inda manyan kaya ke taruwa, akwai kuma Forwarded many times, wato abin da aka yi ta turawa hannu zuwa hannu. Bidiyon wa'azi guda mai megabait talatin, an turo shi a guruf ɗin dangi, da na masallaci, da na 'yan kasuwa, da na tsofaffin ɗalibai, da na unguwa. Sau biyar ke nan, megabait ɗari da hamsin, nauyin ɗaruruwan hotunan da WhatsApp ya matse. Ga gaisuwar Juma'a ta shekara da shekaru a kwance. Yaron ya jera su daga mafi girma, ya zaɓi na sama, ya share har da kwafinsu.

A ƙasa kuma hirarraki ne a jere, mafi nauyi a kan gaba. Na farko a wayar Malam guruf ne na bikin da aka gama tun bara, amarya har ta haihu, bidiyon kamu da na ɗaurin aure suna nan daram.

Sai dai Hajiya mai koko ta yi magana mai kyau, ta ce a bi a hankali, don abin da aka share a nan ya fita daga hirar ma. Muryar mahaifi da ya rasu, ko hoton takardar fili, ko rasidin kuɗi, a fara kwashe su zuwa memori ko wata wayar. Kada kuma fushi ya sa a cire WhatsApp ɗin gaba ɗaya ba tare da ajiya ba, hirarrakin na iya tafiya.

Wanda ya share bai toshe kafa ba, cikin wata guda zai koma gidan jiya. A shafin Storage and data ɗin nan akwai Media auto-download. Ku cire alamar bidiyo, a data da Wi-Fi duka, sai wanda kuka taɓa da hannunku ne zai sauka. Don Allah kuma, 'yan'uwa, kafin ku tura bidiyo guruf, ku duba ko wani ya riga ku.